Sanarwar neman ma'aikaci ta kawuna tana korar mutane

Assalamu alaikum Anti. Kawuna yana da siton sari na shinkafa da sukari da man girki a Alabar, nan Kumasi, ana buɗewa bakwai na safe a rufe shida na yamma, Litinin zuwa Asabar. Akawu biyu suka bar shi cikin shekara guda. Ya sa an rubuta masa sanarwa da Turanci, ga fassararta: "Ana neman saurayi mai jini a jika, ɗan shekara 22 zuwa 27, mai digiri a fannin akanta da gogewar shekara biyar. Ya iya Excel da Tally da QuickBooks, yana da lasin mota, yana jin Turanci sosai, mai jure matsi. Zai kula da harkokin sito da duk wani aikin da aka sa shi. Albashi mai tsoka. A haɗo da hoto." Wata guda ke nan tana yawo a WhatsApp, mutum huɗu kawai suka nema. Wata ƙawata mai HND, wadda ta yi shekara shida tana riƙe da sito a Adum, ta karanta ta ce, "Ba da mu ake ba." Kawu ya ce yaran zamani ne ba sa son aiki, ya ce tunda ni malamar makaranta ce in duba masa takardar. Ta ina zan fara, kuma yaya zan gaya masa ba tare da ya ga na raina shi ba?

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ajiye takardar nan tukuna, kada ki taɓa ko harafi ɗaya. Sayi ƙaramin littafi, ki roƙi kawu ya bar ki ki zauna a sito kwana biyu ko uku, a ciki har da ranar da mota ke sauke kaya. Tunda kina makaranta, ki haɗa Asabar biyu da yammacin wata rana, sauran ki tambayi yaran shago. Duk abin da akawu zai yi da yana nan, ki rubuta shi da lokacinsa: wa ya buɗe ƙofa, wa ya ƙirga kayan da suka shigo, wa ya rubuta rasit, wa ya karɓi kuɗi a hannu, wa ke riƙe da wayar MoMo, wa ya je banki, wa ya bi bashi a Kejetia. Sanarwar da ke hannunki an rubuta ta ne daga abin da kawu ke fata a ransa, da kuma abin da mai rubutun ya kwafo daga sanarwar manyan kamfanoni. Ke za ki rubuta taki daga abin da ke faruwa a ƙofar sito.

Ina da tabbacin abin da littafin zai nuna miki, domin na sha gani a situnan sari. Aikin mutum uku ne aka cusa a riga ɗaya. Akwai mai tsaron kaya, wanda ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Akwai mai riƙe kuɗi da littafin ciniki. Sannan akwai ɗan aike, mai zuwa banki da bin bashi da kai saƙo. "Harkokin sito" ta haɗiye su duka ba tare da ta ambaci ko ɗaya ba, kuma a nan ne akawu ke shiga uku.

Ki ɗauka mota ta taso daga Tema, takardar kaya ta ce buhun shinkafa 400. Ta iso da azahar, akawu yana banki domin kawu ya aike shi. 'Yan dako suka sauke, wani yaron shago ya sa hannu a takardar direba ba tare da ya tsaya ya ƙirga ba, alhali buhu 396 ne suka shiga. Akawu ya dawo ya rubuta 400 a littafi, tunda abin da takarda ta ce ke nan. Bayan mako biyu aka ƙirga kaya, buhu huɗu babu su. Wa za a kama? Wanda aka ce shi ke "kula da harkokin sito". Ba a kira shi ɓarawo a fili ba, amma gaisuwa ta canza, an fara yi masa kallon gefen ido, wata ƙila har an zabge masa albashi. Mai mutunci ba ya zama a irin wannan wuri, sai ya nemi uzuri ya tafi. Ban ce haka aka yi da mutum biyun nan ba, amma ruwa ba ya tsami banza. In kina da hanyar samunsu, ki kira kowannensu ki yi masa tambaya ɗaya: wane aiki ka tarar wanda ba a gaya maka ba ranar da aka ɗauke ka? Amsarsu ta fi duk shawarar da zan ba ki.

Saboda haka kowane aiki da za ki rubuta ya zo da abu uku: me za a yi, sau nawa, kuma a gaban wa za a ba da bayani. Maimakon "kula da kaya", ki ce zai ƙirga duk kayan da mota ta kawo kafin a sa wa direba hannu, ya shigar da su a katin kaya a ranar, ya kuma ƙirga sito gaba ɗaya tare da maigida kowace Asabar ta ƙarshen wata. Wanda ya karanta wannan ya ga ranarsa a ido, zai iya ce wa kansa zan iya ko ba zan iya ba. Aiki biyar ko shida irin wannan sun isa. Ki kuma rubuta abin da ba nasa ba ne, musamman kuɗi. Mai ƙirga kaya kada ya zama shi ne mai karɓar kuɗi kuma mai rubuta littafin ciniki, domin in hannu ɗaya ke yin ukun, babu mai gane kuskure, kuma shi kansa ba shi da shaidar da za ta wanke shi ranar da aka yi zargi. Wannan kariya ce ga kawu da ma'aikacin baki ɗaya. In kawu ba zai iya biyan mutum biyu ba, ya riƙe kuɗin da kansa ko ya ba wani ɗansa.

Jimlar nan ta "duk wani aikin da aka sa shi" ba sai kin goge ta ɗungurungum ba, don kowane shago yana da ranar da abu zai taso ba zato. Ki ɗaure mata ƙafa kawai: "da sauran ƙananan ayyukan da suka shafi lissafin kaya". In an bar ta a sake, mai karatu a Zango ya san fassararta, wato ɗauko yara daga makaranta da kai cefane gida.

Yanzu sharuɗɗa. Ɗauki alƙalami ki yi wa kawu wannan lissafi a gabansa, zai fi kowace doguwar magana. Yaro ya gama WASSCE yana da kamar shekara 18. Digiri shekara huɗu, ya kai 22. Bautar ƙasa shekara ɗaya, 23. Gogewar shekara biyar, 28. Wannan kuwa wanda bai taɓa maimaita aji ba, bai zauna gida jiran kuɗin makaranta ba, kuma ya sami aiki washegarin gama bautar ƙasa. Sanarwar ta rufe ƙofa a 27. Ke nan mutumin da ake nema kusan ba a haife shi ba, kuma duk wanda ya ce ya cika sharuɗɗan nan duka, ki sake duba takardunsa da kyau. Sharaɗin da ba ya cikuwa masu gaskiya yake kora, ya bar masu ƙarfin hali wajen ƙarin gishiri.

Sauran sharuɗɗan ki bi su ɗaya bayan ɗaya da littafinki a buɗe, kina tambaya: wace rana, da wane lokaci, aka buƙaci wannan? Digiri fa? In akwai wani akanta na waje da ke shirya wa kawu takardun harajin GRA, kamar yadda yawancin 'yan sari ke yi, to wanda ke cikin sito ba ya buƙatar digiri. Mai HND ko difloma, kai har mai WASSCE da ya yi shekara biyu yana riƙe da katin kaya, zai yi aikin. Mai digirin da ya karɓa kuwa sau da yawa na wucin gadi ya ɗauke shi, ranar da banki ko ma'aikatar gwamnati ta kira shi ya tafi, kawu ya koma neman wani. Manhajoji ukun nan fa, wacce ce a kan kwamfutar sito? Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, balle uku, kuma babu shagon da ke riƙe littafinsa a Tally da QuickBooks lokaci guda. In Excel ake amfani da shi, ki rubuta shi kaɗai, ki faɗi iyakar abin da ake so: shigar da kaya, tarawa da ɗebewa, fitar da jimlar mako. In ma littafin hannu ne har yanzu, ki faɗa, ba abin kunya ba ne.

Lasin mota ya tuna mini da kuskuren kaina. Shekarun baya, ina aikin ɗaukar ma'aikata a wani kamfani a Accra, na kwafo tsohuwar sanarwa na bar layin lasi a ciki, alhali aikin na zaman tebur ne, motar kamfanin ma tana da direbanta. Sai bayan an rufe karɓar takardu wata yarinya da na san ƙwazonta ta gaya mini layin nan ne ya hana ta nema. Wanda muka ɗauka bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya bar mu. In kawu yana da direba da masu aboboya da ke kai kaya, goge layin.

Maganar harshe kuma, sanarwar ta nemi abin da ba shi ne ya fi muhimmanci ba. Matan da ke zuwa sari daga Kejetia da ƙauyukan kewaye da Tuwi za su yi ciniki, mutanenmu da Hausa, Turanci kuwa na karanta takardar kaya da rasit ne da saƙon banki. Ki rubuta haka ɗin: ya iya karatu da rubutu da Turanci gwargwadon cika rasit, ya iya magana da Tuwi, jin Hausa ƙarin alheri ne. "Jin Turanci sosai" yana sa wanda ya iya aikin amma yake jin kunyar lafazinsa ya ja da baya.

Da kin gama tacewa, abin dole bai kamata ya wuce uku ko huɗu ba. Sauran ki sa su a wani wuri daban da cewa in akwai ana so, in babu ba ya hana nema. Ki rubuta wannan jimlar a fili, domin mutane da yawa, musamman masu tsantseni, da sun ga sharaɗi ɗaya da ba su cika ba sai su rufe waya.

Kalmar "saurayi" ita ce ta fara tsayar da ƙawarki, tun kafin ta kai ga digiri. Kalma ɗaya ta kori duk mata, ta kori magidanta. A nan akwai doka, kuma gara kawu ya ji ta daga bakinki. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, wadda ake kira Act 651, a sashe na 14 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda jinsi, launin fata, ƙabila, addini, matsayin arziki, naƙasa ko siyasa, kuma sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kafa tushen hakan. Saboda haka "namiji kawai" ko "ɗan Zango kawai" ko "Musulmi kawai" ba abin rubutawa ba ne, ba kuma abin aikatawa a ɓoye ba. Shekaru ba sa cikin jerin da sashen ya lissafa, amma kin riga kin ga yadda iyakar shekarun ta harbi kawu a ƙafa.

Na san abin da zai ce: aikin sito na ƙarfi ne, buhu mai kilo 50 ba na mace ba ne. Ki tambaye shi cikin ladabi, akawun da suka tafi su ne ke ɗaukar buhu, ko 'yan dako? In 'yan dako ne, magana ta ƙare. In da gaske akwai abin da jiki zai yi, ki rubuta abin da sunansa, kamar tsayuwa awa biyu a bakin mota ana sauke kaya, ko hawa bene zuwa ɗakin ajiya na sama. Sai kowa ya auna kansa, mace ko namiji, mai sanda ko mai ƙafa biyu. Wani mai ɗingishi zai ƙirga buhu ya fi mai jini a jika ido. Zai iya kuma kawo maganar haihuwa. Gaskiya ce dokar ta ba mai jego hutun aƙalla mako 12 da albashinta, amma ya tuna samari biyu ya ɗauka, kuma ba haihuwa ce ta raba shi da su ba.

Hoto ma ki cire. Fuska ba ta ƙirga kaya, kuma mai hijabi ko mai furfura da ya ga an nemi hoto ya san da ido za a tace. Ghana Card da masu tsaya wa mutum a nema bayan an zaɓe shi.

"Mai jure matsi" da "albashi mai tsoka" tagwaye ne, dukansu suna ɓoye adadi. Na farko yana ɓoye awoyi. Bakwai zuwa shida awa 11 ne, sau kwana shida 66 a mako, ko an cire awa guda ta abinci da salla kullum saura 60. Dokar ta ce awa takwas a rana, 40 a mako, abin da ya haura ƙarin lokaci ne da ake biya daban, ga kuma hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15. Ba dole akawu ya zauna daga buɗewa har rufewa ba. Littafinki zai nuna lokacin da motoci ke zuwa da lokacin da ciniki ke zafi, sai a yanka masa awoyinsa a kai, a rubuta su. In ana rufewa don Juma'a, ki faɗa. In watan azumi da gab da Kirsimeti aiki na ninkuwa, ki faɗa, ki ce ana biyan ƙarin. Wannan shi ne matsin na gaskiya, kuma wanda aka gaya wa tun farko ba ya jin an yaudare shi.

Albashi kuwa ki matsa wa kawu ya sa lamba, ko da daga kaza zuwa kaza ne. Zai ce maƙwabta za su ji sirrinsa. To amma wanda yake da aiki a hannu, irin ƙawarki, ba zai hau tiro-tiro ya bar wurinsa ya zo jin abin da bai sani ba. Kafin ya faɗi lambar ku lissafa da kuɗin fansho na SSNIT. Misali kawai, in albashin sidi 2,000 ne, maigida zai ƙara kashi 13 cikin ɗari, wato 260, a cire wa ma'aikaci kashi 5.5, wato 110. Kawu zai fitar da 2,260 ke nan a wata, ma'aikaci ya ga 1,890 kafin haraji. Ki rubuta ko lambar kafin cirewa ce ko bayan cirewa, domin rigimar ƙarshen watan farko daga nan take tashi. Ki kuma sa sunan sito, adireshin GhanaPost GPS, ranar rufe karɓa, da cewa ba a biyan ko kwabo don neman aikin. Sanarwar da ba suna, ba wuri, sai alkawarin kuɗi mai tsoka, kama take da ta 'yan damfara da suka cika WhatsApp, kuma iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta je ba.

Kawu zai tambaye ki, in an cire digiri da me zai gane gwani. Ki shirya masa gwajin rabin awa. Ba mai nema katin kaya da ke nuna buhu 120 a sito, takardar mota mai 400, da rasit uku na fita: 85 da 60 da 150. Ya fitar da abin da ya rage, 225. Sannan ki ce masa an ƙirga an sami 221, me zai yi? Wanda ya san aiki ba zai gyara lamba ya yi shiru ba, ba kuma zai fara da zargin yara ba. Zai ce a sake ƙirgawa, a duba jerin rasit ko akwai lambar da ta tsallake, sannan ya tambayi wa ya ƙirga kayan ranar da mota ta sauke. Kowa a ba shi gwaji iri ɗaya. Kawu ɗan kasuwa ne, da ya ji amsar zai gane mutuminsa ko da takardar makaranta ko babu.

Batun gaya masa, kada ki yi a sito gaban yaransa, kuma kada ki kai masa takardar da jan biro kamar ta ɗalibi. Same shi a gida bayan la'asar ko isha'i, ki gaishe shi yadda kika saba, ki buɗe littafin ki ce, "Kawu, ga abin da na gani, ka gyara mini inda na yi kuskure." Shi ya fi ki sanin sitonsa, zai gyara, kuma da ya fara gyarawa takardar ta zama tasa. Laifin tsohuwar sanarwa ki ɗora shi kan kwafe-kwafen da aka yi, don gaskiyar ke nan. Maganar yaran zamani ki bar ta ta wuce, ba ita kika zo yi ba. In ya kafe a kan abu ɗaya, kamar fifita mai HND, ki bar masa a layin "in akwai ana so". Wanda ba za ki sassauta ba shi ne "saurayi" da lambar albashi.

Kafin a saki sabuwar, ki tura wa ƙawar nan taki da wani yaron shago da ya iya karatu. Ki ce kowannensu ya gaya miki da bakinsa abin da ma'aikacin zai yi ranar Talata daga safe zuwa yamma, da kuma layin da ya sa shi ɗan tsayawa. In bayanansu sun sha bamban, akwai sauran hazo a rubutun. In ƙawar taki ta yanke shawarar nema, ki gaya wa kawu tun da wuri cewa ƙawarki ce, ki janye daga zaɓen, ta yi gwajin buhunan kamar kowa. Wanda aka ɗauka kuma a ba shi yarjejeniya a rubuce, domin dokar ta wajabta hakan ga aikin da zai kai wata shida ko fiye, a kwafe ayyukan nan biyar ko shida a ciki yadda suke a sanarwa, tare da tsawon lokacin gwaji, shi da kawu kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.